Filin Masu Sana'a: Rumfar Haya, Inda Tela da Mai Walda Za Su Haɗa Hannu

A watan nan za mu amsa wata tambaya ce da ta zo mana daga bakin mutum biyu, ko da yake ba tare suka yi ta ba. Na farko wani tela ne a Aboabo, cikin Kumasi, wanda ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana taka keke. Ya ce mini, "Malam, a watan azumi ba na barci saboda ɗinki, amma da an sauko daga idi sai in wuni ina korar ƙuda." Na biyu kuwa mai walda ne, maƙwabcina, wanda ya ce idan bai samu mai gini da ke son ƙofa ko taga ba, to ranar nan injinsa ba zai yi ƙara ba. Dukkansu ƙwararru ne, ba wanda zai koya musu aiki. Abin da ke damunsu guda ne, wato abincinsu yana hannun mutumin da zai shigo ya ce a yi masa abu.

Hanyoyin fita daga wannan hali suna da dama. Tela yana iya ɗinka kayan 'yan makaranta ya ajiye kafin a koma hutu, mai walda kuma yana iya ƙera kurfoti ya kai wa masu shago. Amma waɗannan duka sayarwa ce, da kaya ya bar hannunka shi ke nan, sai ka sake wani. Ni a yau ina so mu tsaya a kan abu ɗaya wanda za a yi shi sau ɗaya, ya riƙa fita yana dawowa da kuɗi, wato rumfar haya, wadda muke kira kanofi. Dalilin da ya sa na zaɓe ta shi ne rabinta aikin mai walda ne, rabinta aikin tela, kuma masu magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Fara da ƙidaya kafin awo

Kada kowa ya sayi ko da bututu ɗaya sai ya yi wata guda yana ƙidaya. Ku sami ɗan littafi, ku riƙa rubuta duk taron da aka kafa wa rumfa a unguwarku da unguwannin da ke kewaye: suna, ɗaurin aure, addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, maulidi, da kuma makokin maƙwabtanmu Asantawa, wanda galibi ranar Asabar ake yin sa. A gaban kowane taro ku rubuta rumfa nawa aka kafa, daga wace unguwa aka ɗauko su, nawa aka biya, kuma shin kuɗin ya haɗa da dako da kafawa.

Abin da kuke nema a cikin littafin nan shi ne alamar ƙaranci. Idan kun ga ana ɗauko rumfa daga unguwa mai nisa, ko kun ji mai taro yana cewa ya zagaya wuri uku ranar Asabar bai samu ba, to akwai wurin shiga. Idan kuwa kun tarar masu haya uku ne a layinku, kowa rumfunansa na jingine a bango har ranar Lahadi, to ku rufe littafin ku nemi wata dabarar, kun tsira da kuɗinku.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata ku sani tun yanzu. Babban taro ba ya wadatuwa da rumfa ɗaya, kuma mai taro ya fi son ya sami rumfa da kujeru a hannun mutum guda. Saboda haka mai rumfa ɗaya ba zai yi gogayya da manyan masu haya ba. Kasuwarsa ta farko ita ce ƙaramin suna da addu'a a ƙofar gida, ta biyu kuma su manyan da kansu, domin ranar da kayansu suka ƙare sukan nemi ciko. Ku je ku gaishe su, ku ce kuna da rumfa idan sun rasa. Haka nan ku daidaita da mai kujeru, shi ya turo muku, ku tura masa.

Aikin mai walda

Bututun ruwa da ake sayarwa a kasuwa tsawonsa mita 6 ne. Ƙafa 20 muke ce masa, amma a gaskiya ƙafa 19 ne da inci 8. Dabarar duka ita ce a tsara rumfar yadda kowane bututu zai rabu biyu daidai ba tare da asara ba, kuma kowane guntu ya shiga bayan aboboya, domin bututun da ba a yanka ba sai an nemo babbar mota, kuɗin dako ya cinye ribar.

Ga tsarin rumfa mai doro, mai zubar da ruwa gefe biyu. Dirkoki shida, uku a kowane gefe, kowace tsawon ƙafa 8, za su ci bututu uku. Sai kafaɗu huɗu, wato sandunan da ke kwance a kan dirkokin, biyu a kowane gefe. Sai ƙashin baya guda biyu a can tsororuwa, da haƙarƙari shida masu gangarowa daga tsororuwa zuwa kan dirkoki. Waɗannan goma sha biyun kowanne rabin bututu ne, ke nan bututu shida. Duka taran nan a yi su da mai inci ɗaya da rabi. Rabin bututu irin wannan nauyinsa wajen kilo 10 ne, mutum ɗaya zai ɗaga.

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Sai mutum ya nace lallai faɗin rumfa ya cika ƙafa 20, ya manta cewa haƙarƙari a karkace yake, dole ya fi rabin faɗin tsawo. Da ya wuce rabin bututu ko da inci biyar ne, to kowane haƙarƙari ya ci bututu guda, sauran ya zama guntu. Ku bar haƙarƙarin a rabin bututu, ku ɗaga tsororuwa ƙafa 3 sama da kafaɗa, faɗin rumfar zai tsaya a wajen ƙafa 19. Ba mai taron da zai zo da tef ya auna, ku kuwa kun tsirar da bututu uku.

Bayan wannan akwai ɗamara uku, wato sandunan da ke haɗa dirka da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen, don kada nauyin rufi ya buɗe su. Kowace ɗamara bututu ɗaya ce mai inci ɗaya, a raba ta biyu a haɗa a tsakiya. Sai ƙananan haƙarƙari huɗu a tsakanin manyan, su ma masu inci ɗaya, bututu biyu ke nan. Kada a ce za a yi tsimi a bar su. Idan babu su, tamfol zai lotsa a tsakiya, ruwan sama ya taru ya yi tafki, kuma kowace lita kilo ɗaya ce. Tafkin da ya kai bokiti biyar ya isa ya lanƙwasa kafaɗa, ko ya ɓarke a kan baƙi.

Ba a walda sandunan nan da juna. Abin da ake waldawa shi ne mahaɗai, wato gajerun bakuna da sanduna ke shiga cikinsu. Mahaɗi tara ake bukata, shida a kan dirkoki, uku a tsororuwa, kowane baki tsawon inci 6. Bututu ɗaya mai inci biyu ya ishi bakunan manyan sanduna, na ɗamara kuma a nemi guntun mai inci ɗaya da kwata. Ku lura da wannan: mai inci ɗaya yana shiga mai inci ɗaya da kwata, mai inci ɗaya da rabi yana shiga mai inci biyu, amma mai ɗaya da kwata sau da yawa ba ya shiga mai ɗaya da rabi, sai dai ya cije. Ku tafi da guntu a aljihu, ku gwada a shagon kafin ku biya.

A jikin kowane baki a huda rami, a walda noti a kai, yadda za a ɗaure kusa ta danne sandar. Amma ga ɗamara dannewa ba ta isa ba, domin ita ja ake yi mata ba turi ba. Ita sai an huda ta gaba da baya, kusar ta ratsa ta fita.

Sirrin aikin shi ne mahaɗai su fito iri ɗaya. Mai walda ya sami faifan ƙarfe mai kauri, ya walda 'yan tokare a kai daidai da karkatar haƙarƙari, ya riƙa ɗora kowane mahaɗi a wurin kafin ya ɗiga wuta. Idan aka yi da ido, kowane mahaɗi zai zama da gurbinsa shi kaɗai, yaran da ke kafawa su ɓata awa guda suna juye-juye da guduma. Gwajin shi ne a kafa rumfar, a sauke, a cakuɗa sandunan, a sake kafawa. Idan komai ya shiga ba duka, aiki ya yi. Wannan faifan kuma shi zai sa rumfa ta biyu da ta uku su yi musayar kaya da ta farko.

Wani abu game da lafiya. Bututun galbanaiz, mai farin rufin tutiya, shi ya fi dacewa saboda ba ya saurin tsatsa, amma hayaƙinsa mugu ne. Wanda ya shaƙe shi da rana, da dare sai ya ji zazzaɓi da rawar ɗari da ɗanɗanon ƙarfe a baki, ya zaci sauro ne. Yakan sake shi cikin kwana ɗaya ko biyu, amma idan numfashi ya yi wuya a tafi asibiti. Shan madara ba ya kare mutum daga wannan, duk da abin da ake faɗa a garejoji. Abin da ke karewa shi ne a gurje farin rufin kamar inci ɗaya ko fiye daga inda za a yi walda, a yi aikin a fili, iska tana kaɗa hayaƙin nesa da fuska. Sandar walda mai lamba 6013, geji 12, ita ta dace da wannan kauri. Bayan an gama a shafa fentin hana tsatsa a duk inda wuta ta taɓa, domin nan ne tsatsa za ta fara ci.

Aikin tela

Kada tela ya yanka tamfol da lissafin takarda. Ya bari sai an kafa ƙarafan, ya zo da tef ya auna da hannunsa, daga kafaɗa ya haye tsororuwa ya sauka ɗaya kafaɗar, sa'an nan ya ƙara ƙafa ɗaya a kowane gefe don leɓe da kalmasa. Zai sami wajen ƙafa 22. Wannan shi ne tsawon kowane falle.

Faɗin tamfol ya bambanta. Mu ɗauka an sami mai faɗin ƙafa 6 da rabi. Falle uku za su ba da ƙafa 19 da rabi, kafin ma ɗinki ya ci nasa, ke nan ba su rufe tsawon rumfar ba, sai an shiga na huɗu. Falle huɗu sau ƙafa 22 ya zama ƙafa 88, wato a sayi yadi 30. Abin da ya ragu daga na huɗun ba asara ba ne, da shi za a yi faci a kusurwoyi da jakar da za a riƙa zuba mahaɗai da kusoshi.

Kowane ɗinki ya bi gangara, daga tsororuwa zuwa ƙasa, yadda ruwa zai bi shi ya wuce. Ɗinkin da ya gitta gangara tare ruwa yake yi, kuma ta nan yoyo ke farawa. A ɗora falle a kan falle kamar inci ɗaya da rabi, a bi da layi biyu. A buɗe taku ya yi tsawo, kamar huɗu ko biyar a cikin inci guda, domin taku ƙanana irin na riga suna jera huji kusa da kusa, tamfol ya yage a kan layin kamar takardar rasit. Bayan ɗinki a shafa gam ɗin tamfol a kan layin, ko a manna siririn ƙyallen tamfol a kai, don toshe hujin allura.

Zare ma abin lura ne. Na auduga ruɓewa yake yi da ruwa, na nailan kuma rana tana cinye ƙarfinsa da wuri. A nemi zaren foliyesta mai kauri, da babbar allura kamar lamba 22. Keken ɗinkin riga ba zai ja wannan kaya ba, zai riƙa tsallake taku yana karya allura. Ba sai an sayi sabon keke saboda rumfa ɗaya ba. Masu ɗinkin kujerun mota, irin waɗanda ke Suame Magazin, suna da keken da ƙafarsa ke tafiya tare da kaya. A daidaita da ɗayansu a yi hayar kekensa na yini guda.

A bakin tamfol a yi kalmasa biyu, a sa ɗamarar jaka a ciki, sa'an nan a buga zoben igiya kowace ƙafa ɗaya da rabi. Zoben tagulla ya fi na baƙin ƙarfe, wanda ke tsatsa ya ɓata farin tamfol. Zoben da aka buga a falle ɗaya ba ƙari, iskar farko za ta fizge shi. Haka kuma duk inda tamfol zai zauna a kan mahaɗi a ninka shi da faci daga ciki, mai walda kuma ya tabbata kawunan kusoshi suna kallon ƙasa ko ciki, ba sama ba.

Ga inda tela zai nuna amfaninsa na musamman. A ƙasar nan launi yana magana. Rumfar makoki a wurin Asantawa ja da baƙi ce, ba kuwa wanda zai kafa wannan a wurin suna ko ɗaurin aure. Saboda haka idan hali ya samu, a ɗinka wa ƙarfe ɗaya riga biyu, fara ko mai haske don shagali, ja da baƙi don makoki. Ƙarfen da ya yi aiki ranar Asabar a gidan makoki, ranar Lahadi ya canza riga ya tafi gidan biki. Kuɗin riga ta biyu bai kai na sabuwar rumfa ba, amma ya buɗe muku kasuwa biyu.

Iska ita ce babbar abokiyar gaba

Rumfa irin wannan, da ƙarfenta da tamfol ɗinta, nauyinta wajen kilo 300 ne. Mutum zai ga kamar ba abin da zai motsa ta. To amma iskar hadari mai gudun kilomita 70 a awa tana iya danna kowane murabba'in mita da nauyin da ya haura kilo 20, rufin nan kuwa ya kai murabba'in mita 34. Ko da rabin wannan ƙarfi ne ya shiga ƙarƙashin rumfar, ya fi nauyinta, sai ta tashi. Rumfar da ta tashi kuwa a kan mutane take sauka, ko a kan gilashin motar wani, ko wayar lantarki. Rana ɗaya irin wannan ta isa ta cinye ribar shekara, ta kuma kai mutum gaban hukuma.

Don haka kowace dirka a yi mata tafin ƙarfe mai huji. A ƙasa mai laushi a kafa turaku na rodi mai tsawon ƙafa 2, a ɗaure kusurwoyi huɗu da igiya. A kan kwalta ko siminti, inda ba a kafa turke, a zuba kankare a cikin tsofaffin tayoyi, kowace ta kai kilo 40 ko 50, a ɗaure ta da gindin dirka. Duk da haka, kada a dogara da nauyi kaɗai. A farkon damina, wajen watan Maris da Afrilu, lokacin da hadari ke tasowa da iska mai ƙarfi, dokar ita ce da an ga gabas ta yi baƙi a fitar da mutane, a kwance igiyoyi a sauke tamfol. Ƙarfe tsirara iska ba ta da abin kamawa a jikinsa. Kuma kafin a ɗaga kowace sanda a dubi sama, domin a lungunan zango wayoyin wuta suna ƙasa ƙasa.

Mu zauna mu yi lissafi

Alkaluman da zan kawo misali ne kawai don a ga yadda ake lissafin. Farashi yana canzawa, kowa ya je kasuwa ya sa nasa a gurbinsu. Mu ce ƙarfe da kusoshi da fenti da sandar walda sun ci sidi 5,100, ladan aikin mai walda 900. Tamfol da zare da zobba da hayar keke sun ci 2,400, ladan tela 600. Jimla sidi 9,000. Ku lura na sa ladan aikinsu a ciki. Wanda bai ƙidaya guminsa ba yana ruɗin kansa ne, domin kwanakin da ya yi a kan rumfa da ya yi su a kan aikin wani.

Mu ce ana biyan sidi 300 a kowace fita. Dako da yara biyu masu kafawa da saukewa sun ɗauki 100. Sai a ware 30 a cikin asusun tamfol, kada a taɓa. Abin da ya rage 170 ne. Idan aka raba 9,000 da 170, za a ga sai rumfar ta fita sau 53 kafin ta biya kanta. Idan tana fita sau shida a wata, wata tara ke nan. Idan sau uku ne, shekara ɗaya da rabi. Yanzu kun ga amfanin littafin nan na farko, domin shi zai gaya muku ko unguwarku ta shida ce ko ta uku.

Asusun tamfol kuwa ga dalilinsa. Ƙarfe zai yi shekaru idan ana fenti, amma tamfol rana da naɗi suna cinye shi. Sidi 30 sau fita 100 ya zama 3,000, daidai kuɗin sabuwar riga. Wanda ya cinye wannan kuɗi, ranar da tamfol ya mutu sai ya tarar yana da tarin ƙarfe ba rumfa. Alamar tamfol ya kusa ita ce idan ka shiga ƙarƙashinsa da rana ka ga haske yana ɗigowa ta layin naɗi, ko ka ji ya yi tauri yana ƙara idan an lanƙwasa. Kuma kada a taɓa naɗe shi da danshi, zai yi baƙin tabo da wari, farin tamfol mai tabo kuwa ba mai biki da zai karɓa.

Rabo ya bi abin da kowa ya zuba. A misalinmu mai walda ya sa 6,000, tela 3,000, ke nan kashi biyu da kashi ɗaya. Wanda ke karɓar waya yana rakiyar kaya a yanka masa ladansa dabam kafin rabo. A rubuta wannan a takarda, da shaidu biyu, har da yadda za a yi idan ɗaya ya so fita, ko ya rasu magada suka zo. Abota ba ta hana rubutu, rubutu ne ma ke tsare abota.

Abin da ke kashe wannan sana'a a zango

Ba iska ce ta fi kashe masu haya a cikinmu ba, kunya ce. Yau ɗan'uwan matarka ne ke suna, gobe rasuwa ce a gidan mai unguwa, jibi kuma wanda ya koya maka sana'a ne ke aurar da 'ya. Kowa ya ce a kawo rumfa, za a gani bayan taro. Bayan taro kuwa kuɗi sun ƙare. Ba na ce ku zama marasa zumunci ba. Abin da na ce shi ne ku yanke tun farko, ku biyu, fita nawa za ku bayar kyauta, alal misali ɗaya a wata, kuma ko a wannan mai taro ya biya dako da yara. Sauran duka a biya rabi kafin a rubuta rana, cikon kuma kafin a sauke kaya daga aboboya. A nan haɗin gwiwa yana da wani amfani, domin kowannenku yana iya cewa, "Wallahi Alhaji ba tawa ce ni kaɗai ba, sai na ji daga abokin tarayyata."

Na biyu shi ne ɓatan kaya. Mahaɗi ɗaya idan ya ɓace, rumfa duka ta tsaya. Ku shafa wa kowane guntu fenti mai launi ɗaya da za a san naku ne, musamman ranar da kayanku suka cakuɗa da na manyan masu haya. Ku rubuta adadin kaya a jikin jaka, a ƙirga a gaban mai taro lokacin sauka da lokacin kwashewa. Mai walda ya ƙera mahaɗi ɗaya na kowane iri ya ajiye a shago, da kusoshi goma na ko ta kwana. Kuma yaranku ne za su kafa su sauke, kada a bar wa 'yan taro, domin su da dutse suke kwance abin da ya cije. Idan za a tare hanya, neman izini aikin mai taro ne, ku gaya masa tun ranar da ya zo.

Na uku shi ne gaggawa. Kada a ci bashi mai ruwa a yi rumfa biyar rana ɗaya. A yi ɗaya da kuɗin adashi, wato susu, a sa ta aiki wata uku, a ga inda take ciwo, a gyara a ta biyu. A watan azumi, da bukukuwa ke raguwa, a nemi masu tafsiri ko masu sayar da kayan buɗa baki a ba su haya ta wata guda a farashi mai sauƙi, tunda kafawa ɗaya ce saukewa ɗaya. Kuɗin rumfar farko shi zai haifi ta biyu, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Maƙwabcin nawa da telan Aboabo na haɗa su, sun sha shayi tare, kuma kowannensu ya sayi littafinsa na ƙidaya. Na ce musu kada su zo mini da maganar bututu sai littafin ya cika wata guda. Duk wanda ya riga su shiga wannan sana'a, a Kumasi ne ko Nima ko Tamale, ya rubuto mana abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi, don 'yan'uwa su ƙaru. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, ku huta lafiya.